Yadda Ake Fassara Rubutun Turanci Ya Fito Kamar da Hausa Aka Rubuta Shi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙungiyarmu ta unguwa ta ba ni wata sanarwa ta Turanci a kan cutar kwalara domin in mayar da ita Hausa. Na bi kowace kalma da ƙamus, amma da na karanta wa mahaifiyata sai ta ce ba ta gane abin da ake so ta yi ba. Na haɗo da abin da na rubuta. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan yi ta fito kamar da Hausa aka rubuta ta tun farko?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta abin da ka aiko, kuma kusan duk kalmomin da ka zaɓa kalmomin Hausa ne na gaskiya, waɗanda za a same su a ƙamus. Inda aikin ya ɓaci shi ne ginin jimlolin. Ka cire kalmomin Turanci ka zuba na Hausa a gurabensu, amma tsarin da ya riƙe su, wato abin da ya zo farko da abin da ya biyo baya, da wanda ake magana da shi, da yadda aka ɗaure wannan zance da wancan, duk yana nan yadda marubucin Turanci ya bar shi. Wanda ya iya Turanci zai gane rubutunka, domin yana karantawa yana mayar da shi Turanci a zuciyarsa ba tare da ya lura ba. Mahaifiyarka kuwa da kunnen Hausa kaɗai ta saurara, shi ya sa ita ce ta gano matsalar.

Hanyar da nake bi, kuma nake koya wa masu shiga wannan aiki, tana farawa ne kafin a rubuta ko kalma guda. Ka karanta sanarwar daga farko har ƙarshe, har sai ka tabbata babu inda ya shige maka duhu. Sannan ka ɗauki wata takarda ka fitar da abubuwan da ke cikinta tsirara: wace cuta ce, ta ina ake ɗaukarta, me ake gani a jikin wanda ta kama, wa zai yi me, yaushe, da kuma nawa. Duk wata lamba da awo da suna ka kwafe su yadda suke. Daga nan sai ka kife takardar Turancin, ka sa mutum guda a ranka, mutumin da ka sani, ka faɗa masa saƙon da bakinka kamar yana zaune a gabanka. Abin da bakinka ya faɗa shi za ka rubuta. Sai bayan ka gama ne za ka sake buɗe Turancin ka gwada, domin ka ga ko ka bar wani abu ko ka ƙara abin da ba a faɗa ba. Dalilin kife takardar shi ne, muddin idonka yana kan jimlar Turanci, hannunka zai bi ta ko da ba ka so.

Bari mu bi rubutunka jimla bayan jimla, domin a nan ne abin zai fito fili. Ba sai na kawo Turancin ba, tunda fassararka tana nuna shi sarai. Ga jimlarka ta farko:

"Kwalara wata matsananciyar cutar gudawa ce wadda ake haifar da ita ta hanyar shigar da gurɓataccen abinci ko ruwa, wadda za ta iya kaiwa ga mutuwa a cikin awoyi idan aka bar ta ba tare da magani ba."

Jimla ce guda da ta ɗauki saƙo uku: mece ce cutar, ta ina take shiga, da kuma irin haɗarinta. Turanci yana jure irin wannan lodi, domin yana iya rataya zance a bayan zance da kalmar da ka fassara da "wadda". Hausa ma tana da dogayen jimloli, amma tsawonsu yana zuwa ne daga jera ayyuka, wannan ya faru, sai wancan ya biyo, ba daga rataye-rataye ba. Da mai sauraro ya kai "wadda" ta biyu, ya riga ya manta ko cutar ake nufi ko hanyar. Sannan ka duba "shigar da abinci". Marubucin Turanci ya yi amfani da kalmar likitoci guda da ta haɗa ci da sha, kai kuma ka nemo mata kalma guda. Bahaushe ba ya shigar da abinci, ci yake yi, ruwa kuma sha yake yi. Haka nan "kaiwa ga mutuwa" kewaye ne da ba mu buƙata, domin cuta a Hausa kashewa take yi kai tsaye. Ga yadda zan faɗa:

"Kwalara cuta ce mai sa amai da gudawa, ana kuma ɗaukarta ne idan aka ci abinci ko aka sha ruwan da ƙazanta ta shiga. Tana da saurin kisa. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe mutum cikin 'yan awoyi."

Ka lura ban cire sunan cutar na sa "amai da gudawa" kaɗai ba, ko da yake haka mutane da yawa suke kiranta. Ba kowane amai da gudawa ne kwalara ba, kuma sanarwar a kan kwalara take magana, saboda haka sunan ya zauna, bayanin ya biyo. Ka kuma lura da "tana iya". Turancin bai ce duk wanda ya kamu zai mutu ba, cewa ya yi hakan na iya faruwa, don haka dole wannan "iya" ta tsira a fassara. Idan ka ji daɗin jimlarka ka rubuta "tana kashe mutum cikin 'yan awoyi", Hausar ta yi kyau amma ka faɗi abin da marubucin bai faɗa ba.

Jimlarka ta biyu ita ce wadda na fi so mu daɗe a kanta, domin ciwon da ke cikinta shi ne babban ciwon Hausar fassara a yau:

"Gaggauta gudanar da maye gurbin ruwa yana da muhimmanci wajen rage haɗarin mutuwa sakamakon rashin ruwa."

Ka nemi mutum a cikin wannan jimla, ba za ka same shi ba. Babu mai ciwo, babu mai jinya, babu wanda ya ɗauki kofi ya ba wani. Turancin ofis da na asibiti yana da ɗabi'ar mayar da aiki ya koma suna: maimakon a ce wani ya ba wani ruwa, sai a ce "bayar da ruwa", sannan a ɗora wannan suna a kan wani suna, har jimla ta cika da sunaye, aikatau ɗin da ya rage kuma ya zama marar ƙarfi, irin "yana da muhimmanci". Hausa da aikatau take tafiya, kuma kowane aikatau yana jan wakilin suna a gabansa, ya ko ta ko suka ko aka, wanda ke nuna mai aikin da lokacin aikin a tare. Saboda haka duk inda ka ga tarin sunaye a Turanci, tambayar da za ka yi ita ce: wa ya yi wa wa me? A nan amsar ita ce, mai jinya zai ba mara lafiya ruwa, da wuri, domin ruwan jikinsa yana zuba, kuma zubar nan ce take kashe shi.

Akwai kuma kuskuren ma'ana a ƙarshen jimlar. "Rashin ruwa" a kunnen Bahaushe yana nufin rijiya ta ƙafe, ko famfo bai kawo ba, ko damina ta yi gardama. Wanda ya ji "mutuwa sakamakon rashin ruwa" zai ɗauka ƙishirwa ce ta kashe mutane a garin da babu ruwa. Abin da ake nufi shi ne ƙarewar ruwan jiki. Idan muka haɗa waɗannan gyare-gyare, jimlar za ta koma haka:

"Abin da ke kashe mai kwalara shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Saboda haka kada a ɓata lokaci, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari domin a mayar masa da wanda yake zubarwa."

Na juya tsarin gaba ɗaya. Turancin ya fara da magani ya ƙare da dalili, ni kuma na fara da dalili na ƙare da umarni, domin haka muke shawo kan mutum a magana: mu nuna masa abin tsoron, sannan mu ce masa ga abin yi. "Ruwan gishiri da sukari" kuwa ban ƙirƙiro shi ba, yana cikin sakin layi na gaba na sanarwar, na janyo shi ne gaba domin mai sauraro ya san wane ruwa ake nufi. Irin wannan matsarwa halal ce a fassara matuƙar abin yana cikin rubutun asali. Alamar da za ka riƙa gane wannan ciwo da ita a rubutunka ita ce yawan "gudanar da", "aiwatar da", "samar da", "tabbatar da", "ta hanyar" da "sakamakon". Kalmomi ne masu kyau, kuma suna da wurinsu, amma idan ka ga biyu ko uku sun taru a jimla guda, to akwai wani aikatau mai sauƙi da aka danne a ƙarƙashinsu, irin su ba, sha, wanke, tafasa, kai. Tono shi za ka yi.

Abu na gaba shi ne wanda ake magana da shi. Ka rubuta:

"Idan kai ko wani memba na iyalinka ya fuskanci alamomi, ya kamata ka nemi kulawar lafiya nan take."

Turanci yana da kalma guda ga wanda ake yi wa magana, ko namiji ne ko mace, ko ɗaya ne ko taro. Hausa ba ta ba ka wannan sauƙi. Dole ka zaɓa tsakanin ka da ki da ku, kuma da ka zaɓi "kai" da "iyalinka" ka mayar da sanarwar ta zama ta maigida, alhali a yawancin gidaje mace ce za ta fara ganin yaro yana gudawa, ita ce kuma za ta haɗa ruwan. Wannan yana cikin dalilan da suka sa mahaifiyarka ta ji kamar ba da ita ake ba. Mafita biyu gare ka. Ko ka yi amfani da "ku", wadda ta haɗa kowa kuma take ɗauke da girmamawa, ko ka yi amfani da siga marar nuna mai aiki, wato a, an, ana, za a, kada a, wadda ita ce muryar sanarwa a Hausa tun daga sankira har zuwa rediyo. Ni a rubutun lafiya na fi son ta biyu: "a wanke hannu da sabulu", "a tafasa ruwan sha", "kada a yi bahaya a fili". Duk wadda ka zaɓa ka riƙe ta har ƙarshe, kada ka fara da "ku" ka koma "ka" a tsakiya. Inda umarnin ya keɓanta ga wani kuwa, sai ka ambace shi da sunansa, kamar inda sanarwar ta yi maganar shayarwa: "Mai shayarwa ta ci gaba da ba jaririnta nono, kada ta dakata."

Wannan siga marar nuna mai aiki ita ce kuma maganin wata matsalar. Turanci yana yawan juya jimla ya sa wanda aka yi wa aiki a gaba, mai aikin kuma ya koma ƙarshe. Idan ba a ambaci mai aikin ba, "an" ko "aka" sun wadatar. Amma idan an ambace shi, kada ka rubuta irin "an raba magani daga ma'aikatan lafiya" ko "an duba shi ta hannun likita". Hausa ba ta gina jimla haka. Ka mayar da mai aikin gaba: ma'aikatan lafiya sun raba magani, likita ya duba shi. Idan kuma marubucin yana so ne ya jaddada wanda ya yi aikin, muna da hanyarmu: "likita ne ya duba shi".

Sauran jimlar ma tana buƙatar hannu. "Fuskantar alamomi" ba ta nuna wa mai sauraro komai, domin ba a fuskantar ciwo a Hausa, kamawa yake yi, ko a gan shi a jiki. Sanarwar ta riga ta lissafa alamomin a sama, sai ka faɗe su yadda uwa take ganinsu: gudawa tsararo kamar ruwan shinkafa, amai, idanu su faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ragu. "Neman kulawar lafiya" kuma zuwa asibiti ne. Sai jimlar ta zama: "Duk wanda aka ga haka a jikinsa, babba ne ko yaro, a garzaya da shi asibiti nan take."

Yanzu mu zo wurin da 'yancin mai fassara yake ƙarewa, wato awo. Ka rubuta:

"Narkar da matakin cokulan shayi shida na sukari da rabin matakin cokalin shayi na gishiri a cikin lita ɗaya na amintaccen ruwan sha."

Kalmar Turancin da ka fassara da "mataki" tana da ma'ana fiye da ɗaya, ƙamus ya ba ka ta farko ka ɗauka. A nan tana nufin cokalin da aka shafe bakinsa, bai yi tudu ba. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin wanda bai gane ba zai ɗebo cokali ya cika shi har ya yi tudu, kuma gishiri idan ya yi yawa a wannan haɗi yana cutar da yaro, sukari idan ya yi yawa yana ƙara gudawar. "Amintacce" kuma sifar mutum ce, wanda ake ba amana, ruwa kuwa mai tsabta ne ko tafasasshe. Sannan umarnin haɗa abu a Hausa yana bin yadda hannu zai yi aikin: ruwa ne farko, sai abin da za a zuba, sai motsawa. Ga shi:

"A samu ruwa mai tsabta lita 1. A zuba sukari ƙaramin cokali 6, irin na shan shayi, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kowane cokali a shafe bakinsa, kada ya yi tudu. A motsa har su narke, sannan a riƙa ba mara lafiya yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Wanda ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo."

Lambobin nan, 1 da 6 da rabi, da 24 ɗin da na janyo daga wani wuri a sanarwar, ba su motsa ba ko kaɗan, kuma ba ka da ikon motsa su. Abin da kake da iko a kansa shi ne taimaka wa mai karatu ya gane awon. Idan ka san mutanen unguwarku ba sa auna ruwa da lita, kana iya ƙara cewa lita 1 daidai take da ledar fiya wata biyu, irin mai ɗaukar rabin lita. Amma wannan ƙari naka ne, saboda haka ka duba abin da aka rubuta a jikin ledar da ake sayarwa a wajenku, ka kuma nuna wa ma'aikacin lafiya kafin ka saki. Kada ka ce "kofi" ko "kwalba" kawai, domin kofin wani gida ya ninka na wani. Haka nan ka lura da yadda na ce "a riƙa ba mara lafiya yana kurɓa". Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka "ya sha" a takarda tana iya zama labarin abin da ya wuce, tana iya zama umarni. A rubutun da rai ya rataya a kansa, ka gina jimlar ta yadda hanya guda kawai za a iya karanta ta.

Wannan iyaka ita ce ta raba fassara da baddalawa. Alhaji Abubakar Imam, editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga littattafan wasu al'ummu, na Larabawa da na Turawa, ya sake musu sunaye da garuruwa da al'adu har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu. Wannan 'yanci na mai ba da labari ne. Kai da kake fassara sanarwa za ka koyi kunnensa da yadda yake jera zance, amma ba za ka canza abin da aka faɗa ba. Idan rubutun ya kawo maganar wani jami'i a cikin alamar zancen wani, za ka gyara gininta ta zama Hausa, amma ba za ka ƙara mata zafi ko ka rage ba. Inda aka ce "ya kamata" ba za ka mayar da shi "dole" ba, inda aka ce "ana zaton" ba za ka mayar da shi "an tabbatar" ba. Ina kuma jan hankalinka game da karin magana. Masu fara wannan aiki sukan ɗauka cewa cusa karin magana shi ne zai sa rubutu ya zama na Hausa, sai ka ga sanarwar da ba ta wuce shafi ba ta ɗauki uku ko huɗu. Hausar rubutu a ginin jimla take, karin maganar da marubucin asali bai nufa ba kuwa ra'ayi ne ka ɗora masa. Sannan fitowar aikin kamar da Hausa aka rubuta shi ba ta mayar da shi naka ba. Ka rubuta sunan hukumar ko mutumin da ya fitar da sanarwar, ka kuma nuna cewa fassara ce.

Bayan jimloli sun miƙe, saura abin da ke ɗaure su. Turanci yana nuna nauyin zance da muryar mai magana, ko da kalmomin haɗi da ake sa wa a farkon jimla. Mu kuwa muna da ƙananan kalmomi da muke sakawa a cikin jimla, dai da kuwa da ma da fa da kam da kuma, waɗanda yawancinsu ba su da takwarori kai tsaye a Turanci, shi ya sa mai bin kalma da kalma ba ya cika rubuta su, tunda babu abin da zai tuna masa da su. Rashinsu ne yake sa fassara ta bushe ko da babu kuskure a cikinta. Ka gwada waɗannan biyu. Ta farko: "Manya suna kamuwa. Yara suna kamuwa. Yara sun fi saurin galabaita." Ta biyu: "Manya ma suna kamuwa, amma yara kam sun fi saurin galabaita." Saƙon ɗaya ne, sai dai ta biyu ta gaya wa mai sauraro inda zai sa hankalinsa. Ba a yayyafa su don ado, kowace tana da aiki: "ma" tana ƙarawa, "kuwa" tana juyawa zuwa wani ɓangare, "fa" tana gargaɗi, "dai" tana taƙaitawa. Idan ka faɗi saƙon da baki kafin ka rubuta, za su zo da kansu a inda ya dace.

Sai kuma maganganun da Turanci ya saba haɗawa, waɗanda suke shigowa a ɓoye. A sanarwarka ka rubuta "ɗauki magani", alhali magani sha ake yi, ko a shafa, ko a ɗiga, allura kuma yi ake yi. Ka rubuta "ɗauki wanka", wadda a bakin matasa yanzu take nufin caɓa ado, ba yin wanka da ruwa ba. Ka rubuta "idan ka kama cutar", alhali a Hausa cuta ce take kama mutum, shi kuwa kamuwa yake yi. Ba duk abin da ya shigo daga Turanci ne abin ƙi ba. "Ɗaukar mataki" da "taka rawa" sun daɗe a rediyo da jaridu har sun zauna, kuma asibiti da likita da allura da sabulu duk baƙi ne da suka zama 'yan gida, daga Turanci da Larabci. Ma'aunin shi ne ko wanda bai yi boko ba yana faɗin abin, ko aƙalla yana gane shi ba tare da an yi masa bayani ba. Idan kuma rubutun zai tsallaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, ka tuna cewa a can "likita" tana iya nufin asibitin kansa, kuma aron kalmominsu na zamani daga Faransanci yake, saboda haka gara ka zaɓi kalmar da ɓangarorin biyu suka sani.

Gwajin ƙarshe kashi biyu ne, kuma kowanne yana kama abin da ɗayan ba ya kamawa. Na farko na kunne ne. Ka ba wani ya karanta rubutun da ƙarfi kana saurare, duk inda ya yi tuntuɓe ko ya koma baya, ka sa alama, domin akwai gyara a wurin, ko na gini ko na rubutu, kamar ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ da aka bari, wadda ke iya mayar da ƙafa ta zama kafa. Sannan ka koma wurin mahaifiyarka, amma kada ka tambaye ta ko ta gane, domin kara za ta iya sa ta ce ta gane. Ka ce ta gaya maka abin da za ta yi idan jikanta ya fara gudawa cikin dare, ka ba ta cokali da sukari da gishiri ta auna a gabanka. Idan ta ɗebo shida a shafe da rabi a shafe, ta kuma ambaci asibiti, saƙon ya isa. Na biyu na ido ne. Ka ɗauko takardar nan da ka fitar da abubuwan sanarwar tun farko, ka ajiye ta kusa da Turancin da Hausar, ka bi su ɗaya bayan ɗaya: kowace lamba, kowane suna, kowane "iya" da "dole" da "kada". Duk abin da yake cikin Turancin ka same shi a Hausar, duk abin da yake cikin Hausar kuma ka iya nuna inda ya fito, in ban da ƙarin da ka yi da saninka, irin na ledar ruwa, wanda ma'aikacin lafiya ya riga ya duba ya amince da shi.